Haihuwar da aka daɗe ana jira: me za a rubuta a ƙarƙashin hoton?

A Gombe yanzu, kafin a kai ga raba goron suna, labarin haihuwa ya riga ya zaga dangi ta waya. Wani zai ɗora hoton 'yar ƙafar jariri a WhatsApp, wata ta ɗora a Facebook, a ƙarƙashi kuma a sa layi biyu ko uku. Idan haihuwa ce ta shekara ɗaya da aure, duk abin da aka rubuta ya wadatar: an samu ƙaruwa, uwa da ɗa suna lafiya, Allah ya raya. Amma idan gidan ya shekara takwas ko goma sha biyar ana nema, waɗannan layukan sukan yi nauyi ƙwarai, domin mai rubutun yana ɗauke da abubuwa da yawa a ƙirji, kuma duk suna son fitowa a lokaci ɗaya. Akwai godiya, akwai kukan da aka sha a ɓoye, akwai kuma maganganun da aka haɗiye daga bakin mutane. A nan ne rubutu kan karkace ba tare da mai shi ya lura ba.

Abin da ya fi taimakawa shi ne mutum ya tuna su waye za su karanta. Mai jego za ta karanta, ko yau ko bayan ta warware. Surukai da abokiyar zama, in akwai, za su karanta. Yaron kansa yana iya karantawa nan da shekara goma sha biyar, domin ko da abin da aka ɗora a sitatus yana ɓacewa bayan awa 24, wani ya riga ya adana hotonsa. Sai kuma mutanen da aka fi mantawa da su, wato waɗanda har yanzu suke jira. Ba su da kaɗan. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023, kusan mutum ɗaya cikin shida na manya yana fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma a ma'aunin likitoci, wata 12 ana tare ba tare da an samu ciki ba ya isa a kira shi matsala. Ke nan da wuya a ce cikin lambobin da ke wayarki babu wadda za ta ga wannan hoton ta yi murna da gaske, sannan ta kifa wayar ta yi hawaye.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wasu ma'aurata ne a Jekadafari, shekararsu 11 da aure, matar ta yi ɓari sau biyu a tsakani, yanzu kuma ta sauka ta hanyar tiyata ranar Talata da hantsi, an samu namiji. Ƙanwar mijin ce ta ɗauki waya, kuma hakan ba abin mamaki ba ne. A gidaje da yawa na Gombe, musamman na Fulani, kunyar ɗan fari tana nan da ƙarfinta, uba ba zai fito yana shelar ɗansa na fari ba, uwa ma ba za ta kama sunansa a gaban manya ba. Saboda haka sanarwar takan faɗo hannun gwaggo ko kawu, waɗanda al'ada ta ba su damar yin murna a fili. To ga abin da gwaggon ta fara rubutawa:

"Alhamdulillah! Bayan shekara 11 ana gori, yau Allah ya kunyata maƙiya. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Masu cewa juya ce, yau sai ku zo ku gani. Mahaƙurci mawadaci, wanda ya riƙe Allah ba ya taɓewa."

Duk wanda ya san abin da matar nan ta sha zai fahimci inda wannan zafin ya fito. An yi gorin da gaske. Wataƙila a gidan biki aka yi, wataƙila a tsakar gida, wataƙila ma wata ta taɓa ce wa mijin ya daina zuba ruwa a rariya. Gwaggon tana kare matar yayanta ne, kuma niyyarta mai kyau ce. Sai dai rubutun ya yi ɓarna ta hanyoyin da ba ta nufa ba.

Kalmar "juya" ita ce ta farko. Mutane ɗari uku da za su ga wannan sanarwa, yawancinsu ba su taɓa jin an kira matar da wannan suna ba, yau gwaggon ce ta kai musu. Zagin da aka yi a ɗaki ta fito da shi kasuwa, ta kuma manna shi a jikin hoton ɗan da aka haifa. Sannan "maƙiya" ba ta da adireshi. Uwar miji za ta karanta ta ce da ni ake. Abokiyar zama za ta ce da ni ake. Matar wa da ta taɓa ba da shawarar a je asibiti da zuciya ɗaya, ita ma za ta tsargu. Ranar suna duk waɗannan mutane za su hallara a gida ɗaya, kuma mai jegon da ke fama da ɗinki ita za ta karɓi gaisuwar da aka yi da fuska a ɗaure, alhali ba ita ta rubuta komai ba.

Jimlar ƙarshe ta fi wuyar ganewa, domin kowa zai ce ai maganar addini ce. "Wanda ya riƙe Allah ba ya taɓewa" gaskiya ce. Amma idan aka ajiye ta a ƙarƙashin hoton jariri, ma'anar da take bayarwa ita ce haihuwa sakamakon riƙo da Allah ce, wanda bai samu ba kuwa akwai abin da ya rage masa. Matar da ta shekara 18 tana tashin dare, ta yi azumi, ta yi sadaka, ta je Umara ta roƙa a gaban Ka'aba, kuma har yau shiru, me za ta karanta a ciki? Alƙur'ani bai ɗaura haihuwa a kan cancanta ba. A Suratus Shura, aya ta 49 da ta 50, Allah ya ce yana ba wanda ya so 'ya'ya mata, yana ba wanda ya so maza, ko ya haɗa musu maza da mata, kuma yana sanya wanda ya so ya zama marar haihuwa. Kashi huɗu ne, duka a ƙarƙashin "wanda ya so". Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ba ta haihu ba, kuma babu mai cewa addu'arta ce ta gaza. Wannan shi ne abin da na fi so mai rubuta sanarwa ya riƙe, domin rauni ne da ake yi wa mutane da kalmomi masu kyau, kuma wadda aka yi wa ba za ta taɓa faɗa ba. Za ta rubuto "Masha Allah, Allah ya raya" kamar kowa.

To yaya ake faɗin daɗewar ba tare da an yi wannan ba? Muna da samfuri daga bakin wanda ya fi mu sanin jira. A Suratu Ibrahim, aya ta 39, Annabi Ibrahim ya yi godiya da cewa: "Alhamdu lillahil lazi wahaba li alal kibari Isma'ila wa Ishaƙ, inna Rabbi la sami'ud du'a." Wato godiya ta tabbata ga Allah da ya ba ni kyautar Isma'ila da Ishaƙa a kan tsufa, lalle Ubangijina mai jin addu'a ne. A duba yadda maganar ta tafi. Ya fara da godiya. Ya kira 'ya'yan kyauta, bai kira su ladan wahala ba. Duk tsawon shekarun jiran ya taƙaita su a cikin "a kan tsufa", bai tsaya lissafa abin da ya gani ba. Da ya zo bayyana dalili, sai ya siffanta Ubangiji da jin addu'a, bai siffanta kansa da iya roƙo ba. A ayar da ke biye kuma ya juya gaba, yana roƙon Allah ya sanya shi da zuriyarsa masu tsai da salla. Babu maƙiyi ko ɗaya a ciki.

Idan gwaggon ta bi wannan tsari, sanarwarta ta ranar farko za ta iya zama haka:

"Alhamdulillah. Allah ya yi wa gidan Yayana kyautar ɗa namiji yau Talata, bayan doguwar jira. Uwa da ɗa suna samun kulawa, muna roƙon ku sa su a addu'a. Allah ya raya shi a kan sunna, ya ba duk mai nema nasa rabon mai albarka."

Akwai dalili a bayan kowane yanki. An ce "doguwar jira" maimakon "shekara 11" domin adadin ba na gwaggo ba ne, na ma'auratan ne. Wasu suna son a faɗa, suna ganin hakan zai ƙarfafa masu jira, kuma sau da yawa yana ƙarfafawa. Wasu kuwa ba sa so, musamman idan mijin yana da 'ya'ya da wata matar, domin a nan adadin ya zama yatsa da ke nuna mace ɗaya. Ga kuma ɓarin nan biyu. A wurin mutanen waje shekara 11 ce babu komai, a wurin uwar kuwa ciki uku ta ɗauka. Inda ma a ce ta taɓa haihuwa ɗan bai zo da rai ba, ko ya kwana biyu ya koma, to rubuta "ɗansu na fari" zai soke ta a inda ba a zata ba. Tambaya ɗaya ta isa ta raba gardama: "Anti, in sa shekarun ko in bari?" Idan ba ta cikin halin amsawa, a tambayi mijin, in kuma an rasa su duka, a bari.

An ce "suna samun kulawa" maimakon "suna cikin ƙoshin lafiya" domin awa biyu bayan tiyata babu wanda ya isa ya ba da wannan tabbaci. Kwana 28 na farko su ne mafi hatsari a rayuwar jariri, makon farko kuma ya fi sauran. Shawara takan bayyana a kwana na biyu ko na uku, idon yaro da fatarsa su yi ɗorawa. Cikin da aka samu bayan shekaru, musamman idan uwar ta haura 35 ko 'yan biyu ne, ya fi sauran ciki hatsarin zuwa da hawan jini ko haihuwa kafin cikar mako 37, a wayi gari bakwaini ne yana kwalba. Ba ina cewa a ɓoye farin ciki don tsoro ba. Amma iyalin da suka shelanta cikakkiyar lafiya ranar Talata, sannan ranar Alhamis aka kwantar da yaron, za su sha kiran waya ɗari a lokacin da ba su da bakin amsawa. Shi ya sa nake ganin hikima a raba abin gida biyu: gajeren saƙo ga makusanta a ranar haihuwa, sannan sanarwar kowa da kowa ranar suna. Kuma kafin ko wanne ya hau waya, kakanni su ji da baki. Babu kakar da za ta ji daɗin cewa maƙwabciya ce ta nuna mata jikanta a sitatus, bayan ita ma ta shekara 11 tana roƙo.

Kan ranar sunan ma akan yi kuskure a rubutu. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kamar yadda ya zo a Risala, ba a ƙirga ranar da aka haifi yaro a cikin kwana bakwai, kuma malamai sun bayyana cewa wannan idan an haife shi bayan fitowar alfijir ne. Yaron misalinmu ya zo Talata da hantsi, don haka Laraba ce rana ta ɗaya, suna kuma Talata mai zuwa. Da a ce ƙarfe biyun dare ya zo, kafin asubar Talatar, to Talatar ta shiga lissafi, suna ya kama Litinin. A tabbatar da wannan a wurin uban ko limamin unguwa kafin a rubuta gayyata. Haka ma sunan yaron. Shari'a ba ta hana sanya suna tun ranar farko ba, domin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sanya wa ɗansa Ibrahim suna a daren da aka haife shi. Amma a al'adarmu uba kan yi huɗuba ya riƙe sunan har safiyar raɗi, kuma ba aikin gwaggo ba ne ta riga liman.

Yankin ƙarshe na sanarwar, addu'a ga masu nema, shi ne wanda ba na so a bari. Sai dai shi ma yana da yadda ake yinsa. A bar shi a dunƙule, "duk mai nema". Kada a kama sunan kowa, kada a rubuta "saura ke, 'yar uwa", kada a tura wa wata ita kaɗai da cewa "ki ga ikon Allah, ke ma kada ki fid da rai". Ta sani. An faɗa mata sau dubu. Idan tana kusa da ke sosai, kira ta ko ki je da kanki ki gaya mata kafin ta gani a waya, ki bar ta ta karɓi labarin a inda babu idon jama'a.

Sai batun hoto da kambun baka. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa kambun ido gaskiya ne, kuma iyayen da suka daɗe suna jira sun fi kowa jin tsoronsa. Wasu sukan rufe fuskar jaririn, wasu su nuna hannu kawai, wasu ba sa sa hoto sam. Duk wanda iyayen suka zaɓa shi ne daidai, kuma wanda ya je barka ya ɗauki hoto ba shi da izinin yaɗawa sai ya tambaya. Wanda ke son sa wa ɗansa kariya, akwai addu'ar da Annabi yake yi wa Hasan da Husaini, wadda ga yaro ɗaya ake cewa: "U'izuka bi kalimatillahit tammah, min kulli shaiɗanin wa hammah, wa min kulli ainin lammah." Wannan karanta wa yaron ake yi, rubuta ta a ƙarƙashin hoto ba ya maye gurbin karantawa. Abin da nake ƙi shi ne a mai da neman tsari ya zama wani habaicin, irin "mugun ido ya tsiyaye". An koma gidan jiya ke nan. A kuma duba hoton da kyau kafin a tura: katin asibiti mai ɗauke da cikakken suna, ko fuskar mai jego a galabaice ba ɗankwali, ba abin da za ta so surukanta maza su gani ba ne.

Ranar suna, bayan an raɗa, an yanka rago, wanzami ya yi aski, sai sanarwa ta biyu ta fito, kuma a nan uban ma yana iya rubutawa da bakinsa idan gidansu ba su tsananta kunya ba:

"Godiya ta tabbata ga Allah mai jin addu'a. Yau aka raɗa wa yaron da Allah ya ba mu suna Yahaya. Mun gode wa iyaye, 'yan uwa da abokan arziki da suka taya mu roƙo tsawon shekaru, da ma'aikatan lafiyar da suka tsaya a kanmu. Allah ya saka wa mahaifiyarsa da alheri a kan abin da ta jure. Allah ya shirya mana shi, ya sanyaya idon duk mai jira."

Layin da ya ambaci mahaifiyar yana da daraja ta musamman idan daga miji ya fito. A garuruwanmu mace ake fara tuhuma, alhali likitoci sun tabbatar matsalar takan kasance daga namiji, ko daga mace, ko daga su biyun, wani lokaci ma a yi duk gwaje-gwaje ba a gano dalili ba. Ita ta sha jiƙe-jiƙe, ita ta sha allurai, ita aka kalla a gidan kowane suna. Jimla ɗaya ta girmamawa a bainar jama'a ta fi duk martanin da gwaggo za ta mayar wa masu gori, kuma ba ta taɓa kowa ba. Amma miji ya kula kada ya rubuta "na yi haƙuri da ita shekara 11", domin wannan yabon kai ne, kuma ya ɗora mata laifin a fakaice. 'Yan uwanmu Kirista na Billiri da Kaltungo sukan ɗauko maganar Hannatu a kan ɗanta Sama'ila, cewa wannan yaron ta roƙa kuma Ubangiji ya ba ta, kuma duk abin da aka faɗa a nan game da habaici da masu jira ya shafe su daidai wa daida.

Bayan an ɗora sanarwa, tambayoyi za su biyo, a fili da a ɓoye: wane malami ne, wane likita ne, wane magani aka sha? Idan ta hanyar dashen ciki aka samu, wato likitoci su haɗa ƙwai da maniyyi a waje sannan su dasa a mahaifa, faɗa ko rashin faɗa haƙƙin ma'auratan ne su kaɗai. Babu abin kunya a ciki, domin Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta shi idan ƙwan matar ne da maniyyin mijinta kuma a mahaifarta aka dasa. Amma ba kowa ya san haka ba, kuma jahilci kan kai wasu ga taɓa nasabar yaro, don haka gwaggo ba ta da hurumin sanarwa a madadinsu. Haka kuma kada a rubuta sunan wani mai magani a ƙarƙashin hoton a ce shi ne sirrin. Dalilan rashin haihuwa sun bambanta: toshewar bututun mahaifa daban, rashin fitar ƙwai daban, ƙarancin maniyyi daban, kuma abin da ya yi wa wata aiki yana iya cinye wa wata kuɗi da shekarun da ba za su dawo ba. Wadda ta tambaya da gaske, a amsa mata a keɓe, a gaya mata su je asibiti ita da mijinta tare, a fara da gwajin mijin, domin shi ne mafi sauƙi da araha, kafin a shiga nata.